Ta zaure ake shiga: takardar miƙa aiki kan hanyoyi uku na isa sabobinmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa sababbin zuwa.

Mako mai zuwa zan koma wani sashe, kula da sabobin da kwastomomi ke aiki a kansu kuma zai dawo hannunku. Kafin in tafi ina so in bar muku bayanin abu ɗaya da kowannenku zai yi tun ranar farko, wato yadda ake shiga waɗannan sabobi. Hanyoyi uku ne za ku ga mutane suna bi, duka ukun kuma suna kai mutum inda ya nufa. Abin da ya raba su shi ne abin da kowace ke bari a baya bayan an wuce. Ni ta uku na zaɓa, ita nake so ku ɗauka, amma ba zan ɓoye muku abin da take ci ba, don ku zaɓa da idonku a buɗe.

Ga yadda gidan yake. Sabobin manhaja biyu, `app1` da `app2`, da sabar rumbun bayanai, `db1`, ba su da adireshin da za a same su daga intanet kai tsaye. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsu ta SSH, wato ƙofa mai lamba 22, ba za su amsa ba sai idan daga na'ura ɗaya tak ya fito. Sunan wannan na'ura a kan allo `bastion`, mu kuwa a nan zaure muke ce mata, domin aikinta ke nan: baƙo ba ya faɗawa tsakar gida sai ya bi ta zaure. Ba manhaja a kanta, ba bayanan kowa. Amma ita kaɗai ce ke fuskantar titi, don haka ita ce ta fi kowace shan ƙwanƙwasar ɓarayi dare da rana. Ku riƙe wannan a zuciya, domin duk kwatancen da zan yi a kan tambaya ɗaya ya tsaya: in wata rana aka fasa zauren, me ɓarawon zai tarar a ciki?

Kafin komai, kowa zai ƙera makullinsa a kan kwamfutarsa:

```
ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/id_prod
```

Zai nemi kalmar sirri, kada ku bar wurin fayau. Fayil biyu za su fito. `id_prod.pub` kamar kwaɗo ne, shi za ku turo a maƙala a zaure da kan sabobi, ko duniya ta gan shi ba komai. `id_prod` kuwa shi ne makullin kansa. Kowa da asusunsa da makullinsa, ba ma haɗa asusu, dalilin kuma zai fito a gaba.

Hanya ta farko: a ajiye makulli a zaure

Wannan ita ce wadda hankali ke fara kaiwa gare ta. Mutum ya shiga zaure, ya buga `ssh app2`, aka hana shi, ya gane cewa makullin yana can a laftof ɗinsa, sai ya kwafo shi zuwa zaure. Daga nan komai ya tafi sumul. Ba zan daɗe a kanta ba. Makullin da ke kwance a zaure, duk mai ikon `root` a can zai iya kwafe shi ya tafi da shi, kuma ba alamar da za ta nuna an taɓa shi. In ba shi da kalmar sirri, shi ke nan. In yana da ita, ai a kan zauren ake buga ta, wanda ya mallaki na'urar kuwa yana iya naɗe abin da aka buga. Ɓarnar kuma ba ta ƙarewa da rufe kwamfuta: makullin da aka sace yana aiki har ranar da aka cire kwaɗonsa daga kowace saba.

Na taɓa yin sharar zauren nan na tarar da makullai a foldojin mutanen da suka daɗe da barin aiki. Ba wanda ya yi da mugun nufi, gaggawa ce kawai ta wani dare. Wannan hanya a rufe take a wurinmu. Wanda ya riga ya yi, kada ya tsaya kan goge fayil ɗin, ya ƙera sabon makulli, a cire tsohon.

Hanya ta biyu: a miƙa wakili

Wannan ce ta fi bukatar bayani, domin tana da kamar tsabta, kuma yawancin waɗanda suka yi aiki a wasu wurare da ita suka saba. A kan kwamfutarku akwai wani ɗan shiri, `ssh-agent`, wanda ke riƙe makullanku a buɗe bayan kun buga kalmar sirri sau ɗaya. Wakili nake ce masa, domin duk lokacin da wata saba ta ce a tabbatar mata ku ne, shi ke sa hannu a madadinku. Idan kuka shiga haka:

```
ssh -A bastion
ssh app2
```

harafin `-A` yana buɗe wata kafa daga zaure zuwa wakilin da ke laftof ɗinku. Da `app2` ta nemi shaida, sai tambayar ta bi wannan kafa ta dawo gare ku, wakili ya sa hannu, amsa ta koma. Makulli bai bar kwamfutarku ba, kuma wannan ci gaba ne na gaske a kan hanya ta farko.

Sai dai kafar nan wani fayil ne na musamman da ke zaune a zaure muddin kuna ciki. Ku buga `echo $SSH_AUTH_SOCK` a can za ku ga inda yake. Asusunku ne kaɗai ke da izinin taɓa shi, amma izinin fayil ba ya hana `root`. Wanda ya kama zauren sai kawai ya nuna wa nasa SSH wannan fayil, ya nemi wakilinku ya sa masa hannu, wakili kuma ba ya tambayar waye. Ba zai iya ɗauke makullin ba, gaskiya ne, amma ba ya bukatar ɗauka. Zai shiga `db1` da sunanku, a rajista kuma sunanku ne zai fito. Abin da ya fi damuna shi ne ba makullin aiki kaɗai kuka miƙa ba. Ku buga `ssh-add -l` ku ga jerin abin da wakilinku ke riƙe da shi. In makullin ma'ajiyar lambobin manhaja yana ciki, ko na wata sabarku ta kanku, duka sun shiga zaure tare da ku.

Wannan ba tsoro ne na cikin littafi ba. A watan Afrilun 2019 an kutsa cikin sabobin Matrix.org, masu gudanar da wani tsarin hira ta intanet, kuma bayanin da su da kansu suka fitar ya nuna hanyar: maharin ya fara kama wata sabar Jenkins, mai gina manhaja da gwada ta, da ba a sabunta ba, ya jira har wani ma'aikaci ya shigo da wakilinsa a miƙe, ya hau kansa zuwa sabobin ainihi. Sannan a watan Yulin 2023 aka bayyana wani rauni mai lamba CVE-2023-38408, wanda a wasu yanayi yake ba mai sabar da aka miƙa wa wakili damar gudanar da umarni a kan kwamfutar mai wakilin kanta. An toshe shi a OpenSSH 9.3p2, amma ya nuna cewa kafar nan tana iya kawo ɓarna ta baya, ba gaba kaɗai ba.

Ana iya rage haɗarin. Idan aka ɗora makulli da `ssh-add -c -t 1h ~/.ssh/id_prod`, wakili zai fito da tambaya a allonku duk lokacin da aka nemi sa hannu, kuma bayan awa ɗaya ya saki makullin. In tambaya ta fito alhali ba ku nemi shiga ko'ina ba, kun san akwai wani a zaure. Tun daga OpenSSH 8.9, na shekarar 2022, akwai kuma `ssh-add -h` da ke ƙayyade sabobin da makulli zai yi aiki a kansu. Duka biyun suna da amfani, sai dai sun dogara ga mutum ya tuna ya yi su kowace rana, ya kuma karanta tambayar kafin ya danna. Da ƙarfe biyun dare, ana kira ta ko'ina, yawancinmu dannawa kawai muke yi.

Alherinta ɗaya da ba zan musa ba: tun da a zaure mutum ke zaune yana buga umarni, zauren yana iya ganin duk abin da aka buga, har a naɗe shi in ana so. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanya ta uku: a ratsa zaure ba tare da an zauna ba

Tun OpenSSH 7.3, wanda ya fito a watan Agustan 2016, akwai `ProxyJump`, ko `-J` a taƙaice. Kwamfutarku za ta shiga zaure da makullinku, amma ba ta neman wurin zama. Abin da take cewa kawai shi ne a haɗa ta da ƙofa ta 22 ta `app2`. Zaure ya zama bututu. Ta cikin bututun nan kwamfutarku ta sake yin wata sabuwar gaisuwa ta SSH da `app2` kai tsaye, a kulle daga wannan baki zuwa wancan. Sau biyu ake tantance ku, duka biyun kuma daga laftof ɗinku ake sa hannu. Ba makulli a zaure, ba kafar wakili, abin da ke wucewa ta ciki kuma zauren ba ya iya karanta shi.

Ba sai kun riƙa buga dogon umarni ba. Ku zuba wannan a `~/.ssh/config`, ku sa sunan asusunku, adireshin zauren na gaskiya kuma yana cikin ma'ajiyar sirrin ƙungiya:

```
Host bastion
    HostName bastion.example.net
    User sunanku
    IdentityFile ~/.ssh/id_prod
    IdentitiesOnly yes

Host app1 app2 db1
    HostName %h.prod.internal
    User sunanku
    ProxyJump bastion
    IdentityFile ~/.ssh/id_prod
    IdentitiesOnly yes
```

Daga nan `ssh app2` ya wadatar. Na fi son fayil ɗin nan a kan `-J` na layin umarni saboda wani tarko da ke kama kowa sau ɗaya: idan kuka buga `-i` ko wani zaɓi a layin umarni, sabar ƙarshe kaɗai ya shafa, bai shafi zaure ba. Sai mutum ya ga an hana shi alhali ya ba da makullin da ya dace. Ku lura kuma, sunan `app2.prod.internal` ba kwamfutarku ce ke nemo adireshinsa ba, zaure ne. Don haka in kun gwada `ping` daga laftof bai same shi ba, ba matsala ba ce.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Kowace saba tana da tambarinta da take nunawa a gaisuwar farko, kwamfutar da ta shiga kuma tana ajiye shi a `known_hosts`. A hanya ta biyu zaure ne ke duba tambarin `app2`, in an kama zauren kuwa sai a kai ku wata na'urar ƙarya ba ku sani ba. A hanya ta uku laftof ɗinku ne ke dubawa. Ko zaure ya faɗa hannun ɓarawo, ba zai iya yi muku shigar `app2` ba. Sharaɗin shi ne ku tabbatar da tambarin a ranar farko. Jerin tamburan sabobin huɗu yana ma'ajiyar sirri, ku gwada wanda allo ya nuna da wanda ke can kafin ku buga `yes`. Minti ɗaya ne, sau ɗaya tak.

Bari mu ɗauki aiki irin wanda zai same ku, mu ga bambancin a aikace. An kira ku da dare, manhaja tana ƙin karɓar oda. Kun shiga `app2`, `df -h` ya nuna faifan ya cika, fayil ɗin kurakurai ya kumbura ya kai wajen megabait 800. Kuna so ku sauke shi ku bincika kafin a rage shi, kuna kuma so ku leƙa rumbun bayanai ku ga ko wasu oda sun maƙale.

Mai bin hanya ta biyu zai kwafo fayil ɗin daga `app2` zuwa zaure, sannan daga zaure zuwa laftof. Kwafi biyu ke nan, kuma na tsakiyar yakan kwana a can. Irin wannan fayil sau da yawa yana ɗauke da lambobin waya da adireshin imel na kwastomomi, ga shi an bar shi a na'urar da ta fi kowace kusa da titi. Faifan zauren ma ƙarami ne, irin waɗannan ajiye-ajiyen sun taɓa cika shi har shiga ta yi wa kowa wuya. Mai bin hanya ta uku kuwa umarni ɗaya zai buga:

```
rsync -avz --partial app2:/var/log/app/error.log .
```

`-z` yana matse fayil ɗin a hanya, fayil na rubutu kuwa yana matsuwa sosai, `--partial` kuma yana ajiye abin da aka riga aka sauke in sabis ya yanke, don kada a koma farko. Ba abin da ya taɓa faifan zaure. `scp` da `sftp` ma haka suke bin fayil ɗin saitin nan ba tare da an ƙara musu komai ba.

Rumbun bayanan PostgreSQL ne, yana saurare a ƙofa ta 5432. Ku buɗe rami a taga ɗaya, ku shiga ta wata:

```
ssh -S none -N -L 5433:localhost:5432 db1
psql -h 127.0.0.1 -p 5433 -U readonly shop
```

Kalmar `localhost` ta layin farko ba laftof ɗinku take nufi ba, `db1` take nufi, domin daga can ake kallonta. Da gangan kuma na sa 5433 a ɓangarenku. Da yawanku kuna da rumbun gwaji a laftof a kan 5432, kuma in rami yana buɗe, rumbun ainihi da na gwaji kamanninsu ɗaya a allo, duka `127.0.0.1`. Lambar ƙofar ce kaɗai ke raba su. Shi ya sa nake roƙonku ku shiga da asusun karatu kawai, ku kuma rufe ramin da zarar kun gama.

Yanzu abin da hanyar ke ci. Na farko shi ne wanda na ce za mu dawo kansa: zaure ya makance. Rajistarsa za ta nuna wane ya shigo, daga wane adireshi, da ƙarfe nawa, amma ba za ta nuna abin da ya buga ba. A `app2` kuma, in kun buga `last`, kowa daga adireshin zaure ya fito. Wannan ne dalilin da ya sa ba ma haɗa asusu. In mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, aka goge wani abu, ba inda za a kama bakin zaren. Da asusun kowa daban, `/var/log/auth.log` na `app2` zai nuna sunan wanda ya shiga da tambarin makullinsa da umarnin da ya gudanar ta `sudo`, sai a haɗa lokacin da rajistar zaure a san daga inda ya zo. In wata rana masu binciken tsaro suka ce dole a naɗe kowane harafi da aka buga, to `ProxyJump` shi kaɗai ba zai biya wannan bukata ba. Sai dai a sa naɗin a kan kowace saba, ko a kawo wata manhaja da aka gina don haka. Wannan magana ce ta gaske, kuma ita kaɗai ce hujjar da na taɓa ji mai nauyi daga masu son zama a zaure.

Na biyu, jinkiri. Gaisuwa biyu ake yi a jere, kuma in da wayar hannu kuke jona intanet, za ku ji ta. Maganinsa ku ƙara wannan a ƙarshen fayil ɗin:

```
Host bastion app1 app2 db1
    ServerAliveInterval 30
    ControlMaster auto
    ControlPath ~/.ssh/cm-%C
    ControlPersist 10m
```

Layuka uku na ƙasa suna sa haɗin farko ya zauna a buɗe na minti 10 bayan kun fita, shiga ta gaba ta hau kansa nan take. Shi ya sa na sa `-S none` a umarnin rami na sama, don ramin ya tsallake wannan saiti, kada ya zauna a buɗe bayan kun rufe tagar. SSH ɗin da ke zuwa cikin Windows ba ya ɗaukar waɗannan ukun, masu shi su bar su. Layin `ServerAliveInterval` kuma yana taɓa sabar duk daƙiƙa 30 in shiru ya yi yawa, in sau uku ba amsa ya yanke, wato cikin kimanin daƙiƙa 90 za ku san haɗi ya mutu maimakon ku zauna kuna kallon allo a sandare. In ya sandare ba ku son jira, ku danna `Enter`, sannan `~.` ya sake ku. Duk wani aiki mai tsawo kuwa, ku fara shi cikin `tmux` a kan sabar kanta, ba a laftof ba, don in an ɗauke wuta ko sabis ya gudu, aikin ya ci gaba a can ku dawo ku same shi.

Na uku, akwai ayyukan da saba ce da kanta ke bukatar shaida, kamar ta jawo lambobin manhaja daga ma'ajiya mai kulle. A nan ne mutane ke komawa `-A`. Mu mun ba sabobin makullinsu na karatu kawai don wannan aiki, saboda haka ba kwa bukata. In kuma wani abu ya taso da ba makawa sai an miƙa wakili, ku buga `ssh -S none -A app2` bisa saitin da ke sama, don kada ya hau kan tsohon haɗin da ba a miƙa wakili a cikinsa ba. Wakilin zai sauka a `app2` kaɗai, zaure ba zai gan shi ba. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne `ForwardAgent yes` a ƙarƙashin `Host *`, domin wannan miƙa wakili ne ga duk na'urar da kuka taɓa shiga. In kun zo da tsohon fayil daga wani wurin aiki, ku duba shi yau.

In an hana ku shiga

Da yake tsalle biyu ne, tambayar farko kullum ita ce a wanne aka tsaya. Ku gwada `ssh bastion` shi kaɗai. In ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce `Connection timed out`, ba ku ma isa ƙofa ba. Zauren yana amsa wa adireshin ofis da na VPN ɗinmu ne kawai, kuma mafi yawan lokuta VPN ɗin ne ya faɗi ba a lura ba, musamman bayan an sauya daga waya zuwa wani layin.

In kun ga `Permission denied (publickey)`, ku karanta farkon layin, domin yana faɗin sunan asusu da na'urar da ta ƙi. In zaure ne, ko kwaɗonku bai isa can ba ko sunan asusun ba daidai ba ne. In `app2` ce, kun wuce zaure lafiya, a sabar ne ba a ɗora ku ba. Wani lokaci za ku ga `Connection closed by UNKNOWN port 65535` a ƙasa. Kada ya ruɗe ku, cewa kawai yake bututun ya rufe, ainihin dalilin yana layin da ke samansa.

`Too many authentication failures` kuwa yakan kama masu makullai da yawa. Wakili yana miƙa su ɗaya bayan ɗaya, saba kuma bisa al'ada gwaji 6 take bari, sai ta rufe kafin a zo kan na daidai. Wannan ne aikin `IdentitiesOnly yes`. In saƙon ya ce `administratively prohibited`, zaure ne ya ƙi buɗe bututun. Mun ƙayyade masa da `PermitOpen` sunayen sabobin da zai haɗa mutum da su, don haka in an gina sabuwar saba ba a ƙara ta a jerin ba, ko kun kira tsohuwa da lambar adireshinta maimakon sunanta, wannan za ku gani. In kuna shakkar wane saiti SSH ya ɗauka, `ssh -G app2` zai zayyano muku, ku tuna kuma a fayil ɗin nan ƙimar da aka fara samu ita ke ci, ba ta ƙarshe ba. `ssh -v app2` kuma yana nuna tafiyar mataki-mataki.

Saƙo ɗaya ne nake so ku tsaya cak in kun gan shi: `REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED`. Yawanci sake gina sabar aka yi, tambarinta ya canza. Amma daidai wannan saƙon za ku gani ranar da wani ya shiga tsakani. Kada ku goge tsohon tambarin don kawai ku wuce. Ku tambaya a dandalin hirar ƙungiya ko an sake gina ta, ku gwada sabon tambarin da na ma'ajiya, sannan ku buga `ssh-keygen -R app2.prod.internal` ku sake shiga. Wanda ya sake gina saba kuma, sabunta jerin tamburan yana cikin aikinsa, ba a cewa an gama sai an yi shi.

Akwai aiki ɗaya da ban ƙarasa ba, na bar muku shi. Har yanzu asusun kowa a zaure yana ba da wurin buga umarni, shi ya sa hanya ta farko da ta biyu suke yiwuwa. `ProxyJump` ba ya bukatar wannan. In kowa ya koma kansa, za a iya mayar da asusun zauren zuwa `/usr/sbin/nologin`, a sa `AllowAgentForwarding no`, a bar wa mutum biyu masu kula da na'urar cikakkiyar shiga. Ban yi ba saboda wasu tsofaffin ayyukan dare guda biyu har yanzu daga zauren suke tashi, sunayensu suna cikin `crontab` na can, sai an kwashe su tukuna. Ranar da za ku yi canjin, ku bar taga ɗaya a buɗe a zaure, ku gwada saitin da `sshd -t` kafin ku sake loda shi, ku shiga ta sabuwar taga ku tabbatar, sannan ku rufe ta farkon.

In laftof ɗin wani ya ɓata ko aka sace, ya faɗa a take, ko da tsakar dare ne, ko da makullin yana da kalmar sirri. Za a fara cire kwaɗonsa daga zaure, a katse duk haɗin da ke buɗe da sunansa, sannan a bi sabobi uku ɗaya bayan ɗaya. Ina nan a ofis har ranar Alhamis, kuma zan so kowannenku ya shiga `app1` sau ɗaya ina zaune kusa da shi kafin nan. Ku zo da fayil ɗin `.pub` ɗinku.

Allah ya ba da sa'a, ya sa ku fi mu iyawa.